Takardar da zan ba malamin aji huɗu: ku duba min kafin in miƙa

Hedimasta_Augie: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman gyara daga waɗanda suka riga ni a wannan kujera. Akwai malamin aji huɗu da nake son in yi wa magana a kan aikinsa, kuma na rubuta abin da zan faɗa don kada in kauce. Ga shi: "Malam, na lura kana da sakaci da rashin kishin aiki. Kullum sai ka makara, ba ka damu da yara ba, kuma ba ka iya riƙe aji ba. Ka gyara halinka kafin in kai maganar gaba." Malamin ya girme ni da kusan shekara goma. Shin wannan ya yi, ko ya yi zafi?

Malama_Hauwa_BK: Wa alaikumus salam Malam. Ba zafin ne matsalar ba. Matsalar ita ce babu abu ko ɗaya a cikin takardar da mutumin zai iya tashi gobe da safe ya yi. Ka karanta ta kamar kai aka ba. "Sakaci", "rashin kishi", "ba ka damu da yara ba", duk hukunci ne a kan abin da ke cikin zuciyarsa, kai kuwa ba ka ga zuciyarsa ba. Abin da ka gani shi ne wasu abubuwa da suka faru a wasu ranaku, su ne suka sa ka yanke wannan hukuncin. To waɗannan abubuwan za ka kai masa, hukuncin ka bar shi a aljihunka. Faɗa mana: me ka gani da idonka?

Hedimasta_Augie: Yana makara. Littattafan yara ba ya duba su. Ajinsa kuma hayaniya ta yi yawa.

Malama_Hauwa_BK: Har yanzu da saura. Sau nawa ya makara, wace rana, ƙarfe nawa ya shigo? Littafi nawa ka buɗe, kuma wace rana ce ta ƙarshe da jan biro ya taɓa su? Ka koma littafin sa hannu ka ɗauko mana.

Hedimasta_Augie: Na duba. A mako biyu da suka wuce, wato ranakun aiki 10, ya makara sau 4. Litinin 8:25, Alhamis 8:40, Litinin ta gaba 8:30, Alhamis kuma 8:35. Darasin farko ƙarfe 8:00 ake farawa. Littattafan lissafi na ɗebo 12 cikin yara 58, guda 9 an yi mako uku ba a duba su ba.

Sufeto_Mai_Ritaya: Madalla. Yanzu muna da abin aiki. Malam, ka ga abu na farko da ƙirgen nan ya yi maka? Ya kashe kalmar "kullum". Mutumin ya zo a kan lokaci kwana 6 cikin 10. Da ka ce masa kullum, da ya buɗe littafin nan a gabanka ya nuna maka Talata da Laraba da Juma'a, daga nan kuma maganar ta tashi daga makararsa ta koma kan ko kai mai adalci ne. Duk wanda aka yi wa ƙari a laifinsa, ƙarin zai kama ya yi ta gardama a kai, ainihin laifin ya sulale.

Yadda nake koya wa sababbin shugabannin makaranta, magana irin wannan gaɓa huɗu ce, kuma a jere suke. Ka fara da lokaci da wuri, don ku biyu ku san abu ɗaya kuke tunawa. Sai abin da ya yi ko ya faɗa, iyakar abin da wayar hannu za ta iya ɗauka da an kunna ta a wurin. Sai abin da hakan ya jawo wa yara ko abokan aiki. Daga nan ka yi tambaya ka yi shiru. Ukun farko ba ni na ƙirƙiro su ba, wata cibiyar horar da shugabanni ta Amurka, Center for Creative Leadership, ita ta yaɗa su da sunan SBI, kuma daga baya su ma suka ƙara gaɓar tambayar mutum abin da ya nufa.

Ga yadda takardarka za ta koma: "Malam, a mako biyun nan na duba littafin sa hannu. Litinin biyu da Alhamis biyu ka shigo tsakanin 8:25 da 8:40. A ranakun nan huɗu lissafi ne darasin farko na aji huɗu, yaran sun rasa shi ko mafi yawansa, kuma sai da na janye Malamar aji uku ta riƙa leƙa su, nata ajin ya zauna ba kowa. Me ke faruwa a ranakun nan?"

Ka lura babu siffa ko ɗaya a ciki. Ba a ce masa malalaci ba, ba a ce mai sakaci ba. Amma ta fi taka ta farko nauyi, domin babu inda zai kama ya musa.

Danfulani_Suru: Baba Sufeto, Allah shi ƙara girma. Ni abin da ya ja hankalina shi ne ranakun. Litinin da Alhamis, Litinin da Alhamis. Malalaci bai zaɓen rana. Wanga mutum akwai abin da shika yi ranakun ga. Ko dai shina da shinkafar rani a fadama, ranakun ne layin ban-ruwanshi, sai ya tada inji ya ga ruwa ya kama kana shi taho, ko kuwa akwai mara lafiya da shika kaiwa asibiti. Da anka ce mai "rashin kishi" ba za a taɓa jin wanga ba.

Sufeto_Mai_Ritaya: Haka ne Danfulani, amma kada Hedimasta ya shiga da wannan hasashen ma. Idan ya ce "na san gonarka ce ke hana ka zuwa", ya sake komawa karanta zuciya, sai dai wannan karon da murmushi. Ya nuna masa ranakun, ya bar shi ya faɗi dalilin da bakinsa. Idan ban-ruwa ne, akwai mafita da za a iya tattaunawa, kamar ya nemi wanda zai tayar masa da injin, ko ya musanya layi da maƙwabcin gonarsa. Idan asibiti ne, ana iya juya jadawali a mayar da lissafin aji huɗu darasi na uku a ranakun nan, wani malami ya ɗauki na farko. Dalili ba ya goge makarar, amma shi ke nuna irin maganin.

Abu_Yasir_Gwandu: Ni ban yarda da wannan lallaɓawar ba. Hali zanen dutse ne. Mutum in rago ne rago ne, ka ƙirga masa mintoci har gobe ba zai canza ba. Mun lalata aikin gwamnati da irin wannan, kowa tsoron faɗin gaskiya yake. A ba shi takardar tuhuma kawai.

Malama_Hauwa_BK: Malam Abu Yasir, ai takardar tuhumar ma da ka ambata ba a rubuta "kai rago ne" a cikinta. Ranaku da lokuta ake jerawa, a ce ya yi bayanin dalilin da ba za a hukunta shi ba. Wadda aka rubuta da siffofi, in ta je gaban sakataren ilimi, tambayar farko da zai yi ita ce ina hujja. To abin da Baba Sufeto ya tsara shi ne dai hujjar, sai dai an fara kai ta da baki kafin a kai ta a rubuce. Ba sassauci ba ne.

Kuma idan da gaske hali zanen dutse ne, to ka ba mu dalili mafi ƙarfi na barin maganar hali. Me ya sa za ka ɓata bakinka a kan abin da ka ce ba ya canzawa? Lokacin fitowa daga gida kuwa yana canzawa. Rago ma yana iya isowa 7:50 in ya san ana dubawa.

Abu_Yasir_Gwandu: To in an yi masa sau ɗaya, sau biyu, sau uku bai daina ba fa? Har yaushe za a daina kiran abu da sunansa?

Sufeto_Mai_Ritaya: A nan kana da gaskiya rabi. Maimaitawa ita ma aiki ce da ake iya gani, kuma dole a faɗe ta. Sai dai ga yadda ake faɗinta: "Mun zauna ranar kaza, ka ce za ka riƙa isowa kafin 8:00. Daga ranar zuwa yau ka makara sau uku. Yanzu maganar ba ta makara ce kaɗai ba, ta alkawarin da muka yi ce, kuma wannan karon zan rubuta." Ka ga an hau mataki, an ƙara tsanani, amma har yanzu a kan abin da ya yi ake tsaye. Kai a ranka kana iya yanke cewa mutumin nan ba abin dogaro ba ne, har ka daina ba shi ajin jarrabawa. Wannan shawararka ce ta shugaba. Furta masa ita a fuska ne ba ya sayo maka komai.

Ustaz_Bello_Jega: Bari in sa baki ta ɓangaren da na fi sani. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Umar ɗan Abu Salama yana yaro a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hannunsa yana yawo a cikin akushi. Ba a ce masa mai haɗama ba. An ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci daga abin da ke gabansa. Abu uku, kowanne yaro zai iya yi a loma ta gaba, kuma shi da kansa ya ce haka cin abincinsa ya zama daga ranar. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Haka Abu Bakra da ya yi ruku'u tun kafin ya isa sahu, aka yi masa addu'ar Allah Ya ƙara masa kwaɗayin alheri, sannan aka ce kada ya sake. An raba niyyarsa da aikinsa, aka yaba ɗaya aka gyara ɗaya. Ibn Rajab ma yana da ɗan littafi sukutum a kan bambancin nasiha da aibatawa.

Abu_Yasir_Gwandu: Allah gafarta Malam, amma ai an ce wa Abu Zarr shi mutum ne da akwai jahiliyya a tare da shi. Wannan ba maganar hali ba ce?

Ustaz_Bello_Jega: An faɗa, hadisin ingantacce ne. Amma duba abin da ya zo kafin jumlar: an fara tambayarsa ne ko ya aibata mutumin da mahaifiyarsa. Wato an ɗaure maganar da aiki guda sananne da ya faru, ba a sake ta haka kawai ba. Sannan wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa, akwai ƙauna da yarda tsakaninsu da babu irinta tsakanin sabon hedimasta da malamin da ya girme shi da shekara goma. Ban ce ba a taɓa ambaton hali ba. Na ce ba kowa ke da jarin da zai ambace shi a karɓa ba.

Maman_Iman: Ni ina ganin a fara da yabo, a sa gyaran a tsakiya, a rufe da yabo. Haka aka koya mana a wani taron bita, kuma mutum ba ya jin haushi.

Dr_Sani_Aliero: Hajiya, wannan dabarar ta yaɗu sosai, amma tana da illa biyu da ake gani a aikace. Ta farko, mai saurare yakan ɗauki farko da ƙarshe ya bar tsakiyar, ya fita ofis yana ganin yabonsa aka yi. Ta biyu ta fi muni: bayan sau biyu ko uku malamai sun gane salon, da ka fara "Malam, gaskiya kana ƙoƙari" sai kowa ya ɗaure fuska yana jiran "amma". Ka kashe yabonka ke nan har na ranar da ka yi shi da gaske.

Akwai binciken da ya dace da wannan zaren. A 1996 Kluger da DeNisi sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan gaya wa mutum yadda aikinsa yake, suka fitar da sakamako 607. A dunƙule abin yana inganta aiki, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin baya ya yi bayan an yi maganar. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da maganar ta janye hankalin mutum daga aikin ta mayar da shi kan kansa, wato ya shiga tunanin "ni wane iri ne, ya ake kallona", amfaninta yana raguwa. Abin lura shi ne wannan bai tsaya ga suka ba, yabo ma yana iya yin haka. "Kai gwarzo ne" da "kai rago ne" duk hanya ɗaya suke bi, duk kan mutumin suke nunawa.

Maman_Iman: To Dakta kada a yaba ke nan?

Dr_Sani_Aliero: A yaba, amma da ƙa'idar da aka gyara da ita, kuma a lokacinsa daban. Maimakon "Malama kina da ƙoƙari", a ce: "Jiya a darasin kashi-kashi, da kika ga rabin aji ba su gane ba, kin tsaya kin yanka lemo gida huɗu kin sa yara biyu sun raba, sannan kika koma allo. Da na duba littattafai goma bayan darasin, takwas sun ci tambaya ta uku." Wadda aka gaya wa haka ta san abin da za ta maimaita. Wadda aka ce wa tana da ƙoƙari ta ji daɗi ne kawai zuwa la'asar.

Ga yara ma haka. Mueller da Dweck a 1998 sun gwada 'yan aji biyar: wasu aka yaba musu da cewa suna da basira, wasu da cewa sun yi aiki tuƙuru. Da aka ba su tambayoyi masu wuya suka sha ƙasa, waɗanda aka yaba wa basira sun fi saurin karaya, kuma aikinsu ya ragu a zagaye na gaba.

Tela_Yauri: Ku yi haƙuri ni ba malami ba ne, ƙanena ya sa ni a zauren. Amma ina da yara masu koyon ɗinki shida. Wato kuna nufin in yaro ya ɓata shaddar mutane in yi shiru kada in ɓata masa rai?

Malama_Hauwa_BK: A'a Alhaji, ba haka ake nufi ba ko kaɗan. Ka yi magana, kuma a ranar. Bambancin shi ne tsakanin "kai dai ba ka da kai, ba za ka taɓa iya ɗinki ba" da "ka yanka hannun rigar nan ba ka bar inci ɗaya na ɗinki ba, shi ya sa ya matse, yanzu sai mun sayi wani yadi. Kafin ka sa almakashi, ka zana da alli ka kira ni in gani." Na biyun ya fi tsauri ma, don ya faɗi asarar. Amma yaron ya tashi da abin da zai yi.

Tela_Yauri: To wannan ai shi nake yi, sai dai nakan haɗa da na farkon.

Danfulani_Suru: Alhaji ka cire na farkon ka gani ko shaddar za ta ragu da ɓaci.

Hedimasta_Augie: Na gode ƙwarai. Maganar makara na fahimce ta. Amma na ukun fa, riƙon aji? Wannan ba shi da littafin sa hannu. Ya zan mayar da "ba ka iya riƙe aji ba" ya zama abin da aka gani?

Malama_Hauwa_BK: Wannan sai ka shiga ajin ka zauna, kuma ka sanar da shi tun kafin ranar, kada ka faɗo masa kamar mai kame. Ka zauna a baya da takarda da agogo, darasi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka raba takardar gida biyu. Hagu ka rubuta lokaci da abin da ya faru kawai, dama ka rubuta abin da kake zato. Na daman naka ne, ba za ka karanta masa ba.

Ga misalin abin da hagu zai iya ƙunsa a darasin minti 35. Daga 9:10 zuwa 9:22 yana rubutu a allo ya juya wa aji baya, ba a ba yara abin yi ba. A 9:15 layuka biyu na baya sun fara hira. Ya yi tambaya 9, takwas daga ciki ga yaran benci biyu na gaba, kuma duk wanda ya fara ɗaga hannu shi ake kira. Ya ce "ku yi shiru" sau 7, bai ambaci sunan kowa ba, bai bar gaban allo ba. An tashi ba a ba da aikin aji ba.

Da ka kalli wannan za ka ga hayaniyar ba daga "rashin iyawa" ta fito ba, daga minti 12 ɗin nan ta fito da yara 58 suka zauna ba abin yi. To abin da za ka faɗa ke nan: "Malam, daga 9:10 zuwa 9:22 kana rubutu a allo, a lokacin ne na ga layukan baya sun fara hira, kuma ba su dawo ba har aka tashi. Ya kake ganin za a yi da wannan tsakanin?" In ya kawo dabara tasa, ita ta fi, don ita zai riƙe. In bai kawo ba ka ba shi guda: ya rubuta misali ɗaya, ya juyo ya ba su makamancinsa su yi, ya zaga har baya, sannan ya koma allo.

Kuma kada ka kwashe duk abin da ke takardar ka zuba masa. Ɗaya ka zaɓa, wanda in ya gyaru zai ja sauran.

Sufeto_Mai_Ritaya: Wannan na ƙarshen shi nake son in jaddada, har ma in ce Hedimasta kada ya haɗa makara da littattafai da riƙon aji a zama ɗaya. Ko da kowanne an faɗe shi da ranarsa da lokacinsa, in ka jera uku a jere mutum zai haɗa su da kansa ya ji "ba ni da amfani" ake ce masa, ka ga an koma gidan jiya. Makara tukuna, domin ita ce mai hujja a rubuce kuma ita ta fi sauƙin gyara. Bayan mako biyu, littattafai.

Dr_Sani_Aliero: Baba, a nan zan ɗan saɓa. Littattafan da aka yi mako uku ba a duba ba sun fi makarar cutar da yara, domin duk kuskuren da yaro ya yi a makon farko yana nan yana maimaita shi. In za a jinkirta ɗaya, ni makarar zan jinkirta. Kuma akwai haɗari a rarrabawa: malamin zai ga kamar duk mako biyu ana nemo masa sabon laifi.

Sufeto_Mai_Ritaya: Haɗarin gaskiya ne. Ana rage shi da a gaya masa tun farko cewa abu biyu ne, yau za a yi ɗaya, ɗayan ranar kaza. Amma a kan wanda za a fara, ina nan a kan bakana. Ba ka gyara aikin mutumin da ba ya cikin aji.

Malama_Hauwa_BK: Kafin a yi maganar littattafan ma a yi lissafi. Yara 58, in kowane littafi minti biyu ne, kusan awa biyu ke nan a darasi ɗaya. In yana da darussa huɗu a rana ba zai yiwu ya duba komai kullum ba, ko waye shi. Don haka buƙatar ta zama mai yiwuwa: misali layi ɗaya kowace rana ta yadda kowane littafi zai ga jan biro sau ɗaya a mako, sauran layukan kuma yara su musanya littattafai a yi gyara a allo. "Ka riƙa duba littattafai" ba buƙata ba ce, fata ne.

Zuru_Boy: Duk wannan a takarda yana da kyau. Amma mutumin da ya girme ka da shekara goma, ka zaunar da shi kana karanta masa 8:25, 8:40? Zai ce yaron nan ya raina ni. A garuruwanmu ba a yi wa babba ƙirge.

Ustaz_Bello_Jega: Girmamawa tana cikin yadda aka shiga, ba a cikin ɓoye abin da ya faru ba. Kada a aika ɗalibi ya kira shi, Hedimasta ya je da kansa ya ce yana son ganinsa in ya sami sarari. A rufe ƙofa, kada a yi a ɗakin malamai ko a filin taron safe. A gaisa sosai, a tambayi iyali. Kada Hedimasta ya zauna bayan tebur malamin kuma yana tsaye. Littafin ma ba sai an karanta masa ba, a buɗe a ajiye tsakaninsu a ce "Malam, dubi nan, ina son ka taimaka min in fahimta." Babba ya fi jure a nuna masa rana huɗu a asirce da a ce masa ba shi da kishi. Ta biyun ce raini.

Zuru_Boy: Na ji, amma akwai dattijon da ko ya ka shiga, in dai daga bakin yaro ta fito ba zai karɓa ba. Wani lokaci sai an bi ta hannun sa'ansa.

Sufeto_Mai_Ritaya: Akwai irinsu. Sai dai ɗan aike yana da tsada: maganar takan isa a dunƙule, "Hedimasta yana kuka da kai", ranakun da lokutan sun zube a hanya, kuma yanzu mutum na uku ya sani. In dole sai an bi ta nan, sa'an nasa ya zo ya zauna a yi da shi, Hedimasta ya faɗi abin da bakinsa.

Abu ɗaya da ba a taɓo ba: ƙarshen zaman. Kada a tashi a kan "in sha Allahu za a gyara". A tashi a kan abu mai lamba da rana: isowa kafin 7:50, a sake duba littafin tare bayan mako biyu, ranar Juma'a. Hedimasta ya rubuta layi biyu a littafinsa, kwanan wata da abin da aka amince. In ranar ta zo ya cika, a gaya masa da irin ƙirgen da aka yi masa na laifi: kwana goma, goma a kan lokaci. Da yawa shugabanni suna ƙirga makara, ba sa ƙirga gyara.

Hedimasta_Augie: Ga sabon rubutun, ku sake dubawa: "Malam, Litinin biyu da Alhamis biyu da suka wuce ka shigo tsakanin 8:25 da 8:40, yaran aji huɗu sun rasa lissafi, kuma hakan ya nuna ba ka ɗauki darasin farko da muhimmanci ba. Me ke faruwa?"

Malama_Hauwa_BK: Saura kaɗan. Cire daga "kuma hakan ya nuna" zuwa "muhimmanci ba". Tsohuwar takardar ce ta dawo ta taga. Duk inda ka ji bakinka zai ce "hakan ya nuna kai", tsaya nan, abin da zai biyo baya fassararka ce. Sa maganar Malamar aji uku a gurbin.

Abu_Yasir_Gwandu: Ni dai ina jiran mako biyun. In ya sake makara ranar Litinin ku dawo ku gaya min ko ba hali ba ne.

Danfulani_Suru: In ya makara Litinin kuma, Malam Abu Yasir, ni tambayata ta nan dai: mi ke faruwa ran Litinin? Hedimasta, in kun zauna ka faɗa muna ko fadama ce.

Maman_Iman: Dakta, tambaya ta ƙarshe. In malamin ne ya juyo ya ce wa Hedimasta "kai ma ai kana da girman kai", me zai ce?

Dr_Sani_Aliero: Ya yi masa tambayar da Malama Hauwa ta yi a farkon zaren: wace rana, me na yi, me na faɗa? In ya kawo misali, ya saurara har ƙarshe, in akwai gyara ya karɓa. In bai kawo ba, ya ce ƙofa a buɗe take duk ranar da ya tuna. Sannan a dawo kan Litinin da Alhamis, don ba a gama da su ba.